Maƙala mai shafuka da yawa zuwa takardar shawara mai shafi biyu: da me zan buɗe?

Hadiza_Garwa: Assalamu alaikum jama'a. A ƙungiyar da nake aiki an ba ni wata maƙala da ta fito a mujallar The Lancet a ƙarshen 2020, ta shirin ACCESS-SMC, a kan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida gida ana ba yara da damina, wanda muke kira CPS a nan Kamaru. An ce in mayar da ita takardar shawara wadda ba ta wuce shafi biyu ba, za a kai wa shugaban gundumar lafiya kafin su zauna tsara kamfen na bana. Shugabata ta ce shawarwari su zo a farko. To ni na karanta maƙalar daga farko har ƙarshe, abin da ta ƙunsa shi ne maganin yana aiki, kariya kashi 88 cikin ɗari. Wace shawara ke nan zan ba mutumin da ya riga yana raba maganin tun 2016? In ce masa ya ci gaba? Ga abin da na fara da shi: "Zazzaɓin cizon sauro na daga cikin manyan cututtukan da ke kashe yara a yankin Sahel." Daga nan na tsaya cak.

Ɗan_Ngaundere: Wa alaikumus salam. Ai abu mai sauƙi ne Hadiza. Akwai taƙaitaccen bayani a saman kowace maƙala, ki fassara shi zuwa Faransanci, ki ɗauko sakin layi na ƙarshe ki mayar da shi sama. Shi ke nan shawara ta zo farko.

Malam_Buba_Marwa: Ɗan Ngaundere, juya takardar a kai ƙasa sama ba ya mayar da ita takardar shawara. Taƙaitaccen bayanin nan an rubuta shi ne don wani mai bincike ya duba ko aikin ya inganta. Shi kuwa shugaban gunduma tambayarsa daban ce: ranar Litinin me zan yi wanda ban yi bara ba?

Hadiza 'yata, jimlar da kika buɗe da ita ki goge ta. Likitan da za ki kai wa takardar shi ke ƙirga yaran da aka kwantar a watan Satumba, ba ya bukatar ki gaya masa zazzaɓi na kisa. Sannan kashi 88 ɗin da ya ɗauke miki hankali ba shi ne lambar da za ta haifar miki da shawara ba. Koma wajen da suka yi maganar yawan yaran da maganin ya kai gare su. A 2015, a kowane wata kusan kashi 76 na yaran da suka cancanta sun samu, amma waɗanda suka samu duka zagaye huɗu na wata-wata da ake rabawa kashi 54.5 ne kawai. A 2016 ma kashi 53. Yanzu ki haɗa wannan da ɗayan: kariyar kashi 88 ɗin an auna ta ne cikin kwana 28 bayan shan maganin. Ma'ana yaron da ya sha a Yuli da Agusta ya tsallake Satumba, a Satumban nan ba shi da wata kariya da za a dogara da ita, alhali lokacin ne sauro ya fi yawa. To ga maganarki nan: maganin ba shi da laifi, giɓin yana wajen komawa ga yaro ɗaya sau huɗu a kan lokaci. Wannan kuwa abu ne da ke hannun gunduma.

Hadiza_Garwa: Malam, wallahi na ga lambobin nan amma na wuce su kamar ba komai. To yaya zan rubuta shawarar? "A inganta isar da magani ga yara"?

Malam_Buba_Marwa: Wannan addu'a ce, ba shawara ba. Wa zai inganta? Da me? Yaushe? In mutum zai iya karanta jimlar ya ce "to madalla" ya ajiye ba tare da ya san ko shi ake nufi ba, ba ta cika ba. Ga yadda ni zan sa a saman shafin farko, na rubuta da Hausa, ke kya mayar Faransanci:

"Ga shugaban gundumar lafiya, kafin taron tsara kamfen na bana.
1. A sa kowace cibiyar lafiya ta kawo, bayan kowane zagaye, adadin yaran da suka sha na baya amma ba a same su a wannan ba, daga rajistar masu rabawa, cikin mako guda.
2. A ware rana ɗaya ta komawa gidajen waɗannan yaran a ƙarshen kowane zagaye, a saka kuɗinta a tsarin tun yanzu.
3. A kafa ranakun zagaye huɗun tun farko, kwana 28 tsakani, a sanar da lawanai da jauro da limamai."

A ƙarƙashi sai jimla biyu ko uku na dalili: maganin na rage haɗarin kamuwa da kusan kashi 88 na tsawon kwana 28, amma a ƙasashe bakwai da aka bincika, kusan yaro ɗaya cikin biyu bai cika zagaye huɗu ba. Wanda ya karanta iya nan ya tashi zuwa taro ya samu abin da ake so ya samu. Sauran shafin da rabi don mai son ya tabbatar ne.

Sani_Injamena: Ina da ja a nan Malam, da girmamawa. Na san maƙalar, mu Chadi muna cikin ƙasashen: Burkina Faso, Chadi, Gambiya, Gini, Mali, Nijar da Najeriya. Kamaru ba ta ciki. To yaya Hadiza za ta ɗauki kashi 54.5 ta ɗora wa wata gunduma a kusa da Garwa? Kuma lambobin na 2015 da 2016 ne. Na biyu, shawarwarin nan uku da ka jero, ba a gwada ko ɗaya daga cikinsu a binciken ba. Maƙalar ta nuna akwai giɓi, ba ta nuna cewa ranar komawa gida tana toshe shi ba. In ta rubuta su a sama, a ƙasa ta sa sunan The Lancet, mai karatu zai ɗauka mujallar ce ta ce a yi haka.

Malam_Buba_Marwa: Ja mai kyau, Sani, kuma duka biyun gaskiya ne. Amma ba dalilin fasa ba da shawara ba ne, dalilin raba murya ne. A takardar a ga inda bincike ke magana da inda ƙungiyar Hadiza ke magana. "Binciken ya nuna" ga lambobi, "muna ba da shawara" ga abin da suka ciro da hankalinsu. Sannan a shafi na biyu ta ajiye ɗan gurbi na layi uku: ba a yi binciken a Kamaru ba, lambobin na 2015 da 2016 ne, kuma bai gwada hanyar cike giɓin ba. Ka lura ma shawarata ta farko ƙirga ce. Tunda ba mu san lambar gundumar ba, abu na farko shi ne a san ta.

Sani_Injamena: Na yarda da ta farkon. Ta biyun ce har yanzu ban gamsu ba, domin kuɗi za ta ci kafin a san ko giɓin nasu babba ne. Ni da zan ce a gwada a cibiyoyi biyu ko uku bana, a kwatanta da sauran.

Maman_Usaina: Salamu alaikum, tunda ana maganar maganin nan ina da tambaya. 'Yata duk sanda aka ba ta na ranar farko sai ta yi amai. Bara na daina buɗe musu ƙofa a zagaye na uku. Laifi ne?

Jummai_Gider: Maman Usaina, ki gaya wa mai rabawa tun kafin ya ba ta, kuma ki tambayi ma'aikacin cibiyarku, akwai ƙa'idar da suke bi in yaro ya amayar nan take. Kada ki rufe ƙofa. Ni na yi rabon maganin nan, kuma maganarki ta shafi abin da ake tattaunawa fiye da yadda kike zato. Malam, irin su Maman Usaina ranar komawa gida ba za ta kamo su ba, suna gida, ƙi suka yi. Wasu kuma suna gona tun asuba, wasu ruwa ya yanke hanyar ƙauyensu, babur ba ya shiga. Ga kuma wani abu: mu a gabanmu ake shan na ranar farko kawai, wato ƙwayoyi iri biyu, SP da AQ. Ƙwayar AQ ta rana ta biyu da ta uku uwa ake bar wa. Yaron da rajista ta ce ya sha, Allah kaɗai ya san ko ya cika kwana ukun.

Malam_Buba_Marwa: Jummai kin gyara mini shawarata ta farko. A ƙara mata: a rubuta dalilin rashin samun yaron, ba ya nan, an ƙi, ba shi da lafiya, ko ba a isa ƙauyen ba. Akwati huɗu ne kawai a takarda. Hadiza, wannan ne ya sa kafin ki miƙa takardar ki nuna wa mutum ɗaya mai yin aikin da ƙafarsa. Minti goma da Jummai ya fi sake karanta maƙalar.

Alhaji_Pitowa: Ni ba likita ba ne, na yi shekaru a ofishin gwamnati kafin in yi ritaya, kuma abin da ke damuna daban ne. 'Yata, ke yarinya daga ƙungiya za ki aika wa babban jami'i takarda, layin farko "a sa", "a ware", "a kafa"? A tsarinmu na nan ana fara wa da girmamawa, a kawo dalili a hankali, sannan a roƙi abin da ake so a ƙarshe. Na ga takardun da aka jefa ƙasan tebur don kawai an ji ƙamshin umarni a cikinsu. Wannan salon na sa shawara a gaba na Turawan Ingila da Amurka ne, bai dace da ofisoshinmu ba.

Ɗan_Ngaundere: Alhaji ya faɗi gaskiya. Ni ma na ji wani iri da na karanta.

Hajiya_Kuseri: Alhaji, rabin maganarka na karɓa. Girmamawar tana da gurbinta, wato wasiƙar rakiya. Shugabar ƙungiya ce za ta sa mata hannu, da duk gaisuwar da aka saba, a manna takardar shawarar a bayanta. Ita takardar kuma ba sai ta yi tsawa ba, "muna ba da shawarar a..." ya isa. Amma in aka tura shawarar ƙarshen shafi na biyu, ni na zauna a irin waɗannan tarurruka, mutum yana sa hannu a dosiye, waya na ƙara, ga baƙi a ƙofa. Abin da idonsa ya faɗa a kai a rabin shafin farko shi zai tafi da shi. Kai kanka Alhaji, lokacin da kake ofis, ba layin da ke nuna maƙasudin wasiƙa kake fara dubawa ba?

Alhaji_Pitowa: Shi nake fara dubawa, Hajiya, ban musa ba. Amma ina nan a kan cewa kafin takarda ta je, mutum ya je. A gaisa, a ce ga abin da muke shirin kawowa. In ya ji shi da kunne tukuna, ko da jan biro aka rubuta ba zai ji haushi ba.

Hajiya_Kuseri: A wannan kam babu gardama tsakaninmu.

Hadiza_Garwa: Na gode Baba Alhaji, zan gaya wa shugabata ta fara zuwa. Malam Buba, sauran lambobin fa? Akwai inda suka ce mace-macen zazzaɓi a asibiti ya ragu da kashi 42 a Burkina Faso, da kashi 57 a Gambiya. Ina ganin wannan ya fi taɓa zuciya. Kuma na rubuta "yara 88 cikin 100 da suka sha ba za su kamu ba", daidai ne?

Malam_Buba_Marwa: Ba daidai ba ne, kuma kuskure ne da ake yawan yi. Kashi 88 kwatanci ne tsakanin wanda ya sha da wanda bai sha ba. Inda za a samu yara 100 sun kamu in ba a sha ba, da maganin sai a samu kamar 12, a cikin kwana 28 ɗin. Haka za ki rubuta shi, kuma kada ki yar da "kwana 28", don a kansa duk shawarwarinki suka tsaya.

Na mace-mace kuwa, dubi lambobi biyun da ke biye da shi a maƙalar. Na Burkina, masu binciken sun ce ragin na gaskiya zai iya zama daga kusan kashi 6 har zuwa 65. Tazarar nan ta yi faɗi da yawa. Na kashi 88 kuwa daga 79 ne zuwa 93, ko ka ɗauki na ƙasan maganar ba ta canza ba. Saboda haka shi za ki iya jingina da shi. Na Burkina in kin sa shi, ki sa shi a shafi na biyu tare da tazararsa, kada ya hau kanun takarda. Sannan ba gwaji ba ne da aka raba yara ta ƙuri'a, lura aka yi da abin da ya faru bayan an fara shirin, don haka ki ce "an ga ragi bayan fara shirin", ba "shirin ya rage" ba.

Akwai wata lambar da na fi so ki sa. Yawan masu zazzaɓin da aka tabbatar a cibiyoyin lafiya da damina ya ragu, ragin ya kama daga kusan kashi 25 a Najeriya har zuwa kusan 55 a Gambiya. Likitan zai karanta 88, ya dubi rajistarsa ya ga ba ta faɗi haka ba, ya ce takardar ƙarya take. Ki riga shi: ki nuna masa ragin da ake gani a cibiya ya yi ƙasa da 88 ko a ƙasashen binciken, kuma ɗaya daga abubuwan da za su iya jawo haka shi ne yaran da ba su cika zagaye ba. Lambobi uku sun ishe ki a shafin farko: 88, 54.5, da wannan.

Sani_Injamena: "Za su iya jawo" ɗin nan ki riƙe shi haka Hadiza, kada ya koma "suka jawo" wajen fassara. Ƙari kuma: ki mayar da kashi zuwa kawunan yara. A ce gunduma na da yara 20,000 'yan wata 3 zuwa wata 59. In giɓinta ya yi daidai da na binciken, yara 9,100 ke nan suka rasa aƙalla zagaye ɗaya. Ki sa ainihin adadin yaran gundumar a maimakon 20,000, amma "in" ɗin ya fito ɓaro-ɓaro.

Bappa_Albasa: Ni harkata noma ce amma na sha irin wannan. Mun taɓa rubuta takarda a kan asarar albasa a rumbu, shawarwari goma sha ɗaya, muka kai wa wani ofishi. Da aka kira mu, mai ofishin ya ce tara daga ciki ba hurumin sa ba ne, na ma'aikata ne a Yawunde, ya ɗauki mafi sauƙi guda ɗaya, wato wayar da kan manoma, ya ce za a yi. Sauran har yau shiru. Don haka uku ma ni ina ganin sun yi yawa.

Hadiza_Garwa: Bappa ka tuna mini. Wani abokin aikina ya ce in ƙara shawarar a yi zagaye na biyar, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta sassauta ƙa'idar, ba ta ƙayyade huɗu ba kamar yadda take a shawarar 2012.

Malam_Buba_Marwa: Ta sassauta, haka ne. Amma yawan zagaye da shekarun yaran da za a ba, hukumar yaƙi da zazzaɓi ta ƙasa ce ke yankewa, ita ke da odar magani. Shugaban gunduma ba zai iya ba ko yana so. In ƙungiyarku na son wannan, takarda ce daban zuwa wani teburi daban, kuma wannan maƙalar ba ita ce hujjarta ba, tunda zagaye huɗu ta bincika.

Jummai_Gider: Ni dai a saka kuɗi. Ranar komawa gida na nufin alawus ɗin masu rabawa na ƙarin yini da man babur na masu sa ido. In ba a rubuta sefa nawa ba, a kanmu zai ƙare, a ce mu koma kyauta. Adadin masu rabawa sau alawus na yini sau zagaye huɗu, a ɗora mai. Akawun gunduma zai ba ki lambobin, lissafin layi ɗaya ne.

Hajiya_Kuseri: Shi ya sa ni da zan ba shi zaɓi biyu da farashin kowanne: komawa a duk cibiyoyi, ko gwaji a uku kamar yadda Sani ya ce. Babba ya fi son a bar masa abin da zai zaɓa.

Malam_Buba_Marwa: Hajiya, in aka jera zaɓi ba a nuna wanda aka fi so ba, an mayar masa da aikin da aka ce za a rage masa. A kawo biyun, amma ƙungiya ta ce wanne ta tsaya a kai.

Sani_Injamena: To a tsaya a kan gwajin.

Malam_Buba_Marwa: Ni a kan duka cibiyoyi. Damina ɗaya ake da ita a shekara, yaran cibiyoyin da ba a zaɓa ba sai su jira baɗi?

Hadiza_Garwa: Zan kai wa shugabata duka biyun, ita ta san abin da aljihun gundumar zai ɗauka. Yanzu tsarin ya zama: kanu, shawara uku da jimlolin dalili a rabin shafin farko, lambobi ukun a ƙasa, shafi na biyu kuɗi da iyakar binciken da cikakken sunan maƙalar. Kanun ne ya rage. Na sa "Takardar shawara a kan CPS". Anti Jummai, in na gama gobe zan turo miki ki duba akwatunan dalilan nan.

Jummai_Gider: Turo. Ki ƙara na biyar, "sun yi ƙaura", saboda rugagen da ke tashi tsakiyar damina.

Ɗan_Ngaundere: Kanun nan bai ce komai ba Hadiza. Ki sa "Cika zagaye huɗu ga kowane yaro: matakai uku kafin kamfen na bana". Malam, ya yi ko a rage?